Ki faɗi sabon farashin a layin farko, sauran magana ta biyo baya

Akwai wani irin saƙo da nake yawan gani a waya wanda tun kafin in kai ƙarshensa gabana ya riga ya faɗi, kuma abin haushin shi ne idan na gama karantawa sai in tarar ba wani babban abu ba ne, ƙarin farashi ne kawai. Amma yadda aka rubuta shi sai ka rantse rasuwa za a sanar. Ga manyan baƙaƙe, ga alamar motsin rai har biyar a jere, ga ɗan hoton fuska mai hawaye, ga "cikin alhini da takaici muke sanar da ku", kana ta gungurawa kana neman wurin da aka rubuta nawa abin ya koma, babu. Sai a can ƙasa ka ga "a tuntuɓe mu don jin sabon farashi".

Ni ra'ayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Ba ƙarin kuɗin ne yake tayar wa kwastoma hankali ba, rashin sanin iyakarsa ne. Mutum zai iya jure labari mara daɗi idan ya san girmansa da ranar da zai same shi, abin da ba ya iya jurewa shi ne a bar shi cikin duhu yana hasashe, don zuciya idan aka bar ta ta yi hasashe mafi munin lissafi take ɗaukowa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa dole ka zaɓi ɗaya ba, ko dai ka faɗi gaskiya ka tsorata mutane, ko ka lallaɓa su ka rufe wani abu. Gaskiyar da aka faɗa cikakkiya da lamba da rana ita ce ma take kwantar da hankali.

Bari in kawo abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ƙanwata tana sana'ar wanki da guga, ana zuwa a karɓi kaya a gida a dawo da su, tana da kwastomomi wajen hamsin da suke ba ta aiki duk sati. Zan sa lissafin da lambobi masu sauƙi ba tare da sunan kuɗi ba, kowa ya sa nasa. Jaka ɗaya ta kaya tana karɓar 1,000. Kayan aiki suka tashi mata, ta daure wata uku tana cin asara a ɓoye, daga ƙarshe ta ga ba dama, sai ta rubuta wannan ta turo min da dare ta ce "Yaya, duba min kafin in tura":

"SANARWA TA GAGGAWA!!! Kwastomominmu masu albarka don Allah don Annabi ku yi haƙuri ku yafe mana, wallahi ba laifinmu ba ne, kowa ya san halin da ake ciki, komai ya ninka, mun yi iya ƙoƙarinmu amma abin ya fi ƙarfinmu, in ba mu yi haka ba rufewa za mu yi. Daga yau za a ga ɗan canji kaɗan a farashinmu. Ba mu san abin da gobe za ta haifar ba. Mun gode da fahimtarku."

Na karanta na ji tausayinta sosai, don na san kowace kalma a ciki daga zuciyarta ta fito, tsoro ne ya rubuta saƙon nan, tsoron kar mutanen da ta sha wahala ta tara su watse. Amma na ce mata kar ki tura. Na ce ki ɗauka ke ce kwastomar, kin gama hidimar gida kin ɗauki waya kin ga wannan, me kika sani yanzu da ba ki sani ba ɗazu? Ba ki san nawa ne sabon farashin ba. Ba ki san ko jakar da aka karɓa a gidanki jiya tana ciki ba, tunda an ce daga yau. Abin da kika ɗauka kawai shi ne mai wankinki tana dab da rufewa kuma ita kanta ba ta san gobe ba, to wace mai hankali ce za ta ji haka ba ta fara tambayar maƙwabta wa yake musu wanki ba? Kalmar rufewar nan da aka sa don a jawo tausayi, ita ce take koya wa mutane su nemi wani wurin.

Sannan akwai ƙarya guda biyu a cikin saƙon, ita kuma ba maƙaryaciya ba ce, ba ta ma lura ba. Ta farko "komai ya ninka". Da muka zauna muka buɗe littafinta, ba komai ne ya ninka ba, ba ma abin da ya ninka. A cikin 1,000 ɗin nan, 400 ne yake tafiya a sabulu da sitati da wuta da ledar naɗe kaya, 300 a kuɗin kai da kawowa da hakkin yarinyar da take taya ta, 300 ne yake rage mata. Wancan 400 ɗin ne ya koma 600, wato ya tashi da rabi, sauran suna nan yadda suke. Kenan ribarta ta faɗo daga 300 zuwa 100 a kowace jaka. Wannan babban abu ne, ya isa hujja, ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri. Kuma kwastoma ma yana sayen sabulu, ya san bai ninka ba, da zarar ya kama ki da wuce gona da iri a abu ɗaya da ya sani sai ya daina yarda da ke a abin da bai sani ba.

Ƙarya ta biyu ita ce "ɗan canji kaɗan". So take ta mayar da jaka 1,200. Daga 1,000 zuwa 1,200 ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne, ga wanda yake ba da jaka huɗu a wata kuwa 800 ne ya hau kansa. Wataƙila a wurin wani kaɗan ne, a wurin wani ba kaɗan ba ne, kuma ba mai sayarwa ce take da hurumin yanke wannan hukuncin ba, mai biya ne. Ina ganin wannan kalmar ta "kaɗan" ta fi kowace kalma ɓata saƙon ƙarin farashi, saboda tana yi wa mutum alkawari a layi na uku, lamba kuma ta zo ta karya alkawarin, sai ya ji kamar an raina masa hankali ne. Ki rubuta lambar, ki bar shi ya auna da aljihunsa.

Kun ga abin mamaki, saƙo ɗaya ya haɗa kuka da ɓoyo. Ya kambama matsalar mai sana'a har ta zama abin firgita, ya kuma ƙanƙantar da abin da zai shafi kwastoma har ya ɓace. Ya kamata a juya shi ne gaba ɗaya, abin da ya shafi kwastoma ya fito fili ƙarara, damuwar mai sana'a kuma ta koma jimla ɗaya.

Ga yadda muka sake shi:

"Barka da yamma Hajiya, da fatan kuna lafiya. Ina so in sanar da ke da wuri: daga ranar 1 ga wata mai zuwa wankin jaka ɗaya zai koma 1,200, maimakon 1,000. Dalili shi ne kuɗin sabulu da wuta da ledar naɗe kaya ya tashi mana da kusan rabi a watanni ukun nan. Duk kayan da muka karɓa kafin wannan ranar a tsohon farashi za a biya. Zuwa karɓa da dawowa da kaya yana nan kamar yadda aka saba, ba ƙarin komai a kansa. Idan akwai tambaya ki yi min magana kai tsaye. Na gode da aikin da kike ba mu."

Da ta karanta sai ta ce "Yaya, anya bai yi bushewa da yawa ba? Kamar ba na jin nauyinsu." Na fahimci abin da take nufi, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu dogon ban haƙuri suke da ita, cewa ciniki ba lissafi ba ne kawai, mu'amala ce, mutanen nan an saba, ba za ka jefa musu lamba kamar takardar haraji ba. Gaskiya ne. Amma ina jin nauyin yake a saƙon farko? Kalmomi ne masu yawa, amma an ce "daga yau", ba a ba mutum ko kwana ɗaya ya shirya ba. A na biyun an gaishe ta ita kaɗai, an ba ta sati biyu da 'yan kwanaki, an ce kayanta da suke hannu ba za a taɓa su ba, an buɗe mata ƙofar magana. Girmamawa a wurina tana cikin abin da aka yi wa mutum ne, ba cikin yawan "a yi haƙuri" ba. Ban ce kar a ba da haƙuri sam ba, idan zuciyarki ta ce ki sa, sa sau ɗaya, "na san ƙari ba ya daɗi" ya wadatar. Idan ya kai sau uku sai ya fara kama da na mai laifi, kuma wanda ya ga kina ba da haƙuri kamar mai laifi zai ɗauka akwai laifin, ko kuma ya ɗauka farashin bai zauna ba, da ɗan matsi za ki janye.

Batun dalili ina so in daɗe a kansa don nan ne mutane suka fi zamewa. A 1986 wasu masana uku, Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler, sun buga wani bincike da suka yi ta hanyar kiran mutane a waya a ƙasar Kanada suna tambayarsu me suke gani adalci ne a farashi. Sun ba da misalin shago da yake sayar da shebur na kwashe dusar ƙanƙara a dala 15, washegarin da dusar ta zuba da yawa sai ya mayar da shi dala 20. Kashi 82 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya suka ce wannan ba adalci ba ne. Sai suka ba da wani misalin, mai shago ne da farashin sarin latas ya tashi masa da santi 30, shi ma ya ƙara santi 30 ɗin a kan masu saye, a nan kashi 79 cikin ɗari suka ce ba laifi. Duka biyun ƙari ne, bambancin shi ne na farko ya ga mutane cikin matsi ya ci da guminsu, na biyu kuwa yana kare abin da yake samu ne a da. Mutane suna yarda mai sana'a yana da hakkin kada ya yi asara, abin da ba sa yafewa shi ne su ji an yi amfani da damar da aka samu a kansu.

To amma kar wani ya karanta wannan ya ce shi kenan, kullum sai in ce kaya ne suka tashi. A'a. Wannan ya zama wayo kenan, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da sabulu ya sauko kwastoma zai zo ya tambaye ki ina sauƙin, me za ki ce masa? Idan ainihin dalilinki shi ne kin shekara biyu ba ki taɓa farashi ba kuma aikin ya fi abin da ake biya, faɗi hakan: "rabon da mu sake farashi shekara biyu kenan, kuma yanzu bai kai wahalar aikin ba". Idan kin sayi sabon inji ne aikin ya ƙara kyau, faɗi. Idan kuma dalilin ba wanda kike son faɗa ba ne, gara ki yi shiru a kansa, ki ba da lamba da rana kawai, da ki ƙirƙiro wani. Rashin faɗin dalili ba ƙarya ba ne. Kuma dalili ɗaya ya isa, wanda ya fi nauyi, don idan aka jero guda bakwai sai ya koma kamar mai kare kansa a gaban alƙali, mai karatu kuma ya fara neman wanda ya fi rauni a ciki ya kama.

"Kowa ya san halin da ake ciki" ma ba dalili ba ne, ko da gaskiya ne. Kwastoma ma yana cikin halin, ƙila ma nasa ya fi naki, sai ki zama kin tuna masa damuwarsa ba ki ba shi wani bayani ba. Ki ambaci abin da ya shafi aikinki ke kaɗai, wanda za a iya taɓawa da hannu.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu ɓoye ƙari a cikin albishir, kuma wannan ya fi ba ni haushi a kan masu kuka don su masu kuka tsoro ne kawai, waɗannan kuwa dabara ce. "Albishirinku! Mun inganta tsarinmu don jin daɗinku, ku duba sababbin tsare-tsarenmu", ka duba ka ga abin da kake biya ne ya hau. Manyan kamfanoni ma sun gwada sun sha wuya. A watan Yulin 2011 kamfanin Netflix a Amurka ya raba tsarinsa na kallo ta intanet da na aiko da faifan DVD, wanda a da ake biyan dala 9.99 a wata a samu duka biyun, sai kowanne ya koma dala 7.99, wato mai son duka biyun zai biya 15.98, ƙarin kusan kashi 60 cikin ɗari. Sanarwar ta fito da siffar sababbin tsare-tsare da zaɓi, mutane kuma suka fusata. A watanni ukun da abin ya faru kamfanin ya rasa masu biya kusan 800,000 a Amurka, kuma a watan Satumba shugabansa Reed Hastings ya fito ya ba da haƙuri a kan yadda aka isar da labarin. Ba ina cewa kalmomi ne kaɗai suka jawo ba, kashi 60 ƙari ne mai zafi ko yaya aka faɗe shi, ba rubutun da zai mayar da shi ruwan sanyi. Amma kamfani irin wannan yana da ƙarfin da zai farfaɗo, mai kwastoma hamsin da kowa ya san fuskarta idan aka ce tana da kwana-kwana, wa zai wanke ta?

Irin wannan ɓoyon ne rage yawa a bar farashi. A ce jakar da take cin kaya ashirin ta koma sha biyar a kuɗin da aka saba, a yi shiru, ko a rubuta "farashinmu bai canza ba". Ya canza mana, kowane kaya da yake kan 50 ya koma sama da 66. Rage yawa ba laifi ba ne a kansa, wani kwastoman ma ya fi son haka don kuɗin da ya ware ke nan, amma a rubuta shi a matsayin abin da yake: "za mu bar farashin a 1,000 amma jaka za ta koma kaya 15". Ƙanwata ta ma mayar da wannan zaɓi na gaskiya, ta ƙara layi ɗaya ga waɗanda ta san abin zai yi musu nauyi, cewa akwai ƙaramar jaka ta kaya sha biyar a 900 ga mai so. Wannan shi ne sassauci na ainihi, ba sassauta kalmomi ba.

Abu na gaba da na hana ta sawa shi ne alkawarin da ba a hannunta yake ba. Da muka cire "ba mu san abin da gobe za ta haifar ba", sai ta so ta maye gurbinsa da "ba za mu sake ƙari ba in sha Allahu", don ta kwantar musu da hankali. Na ce kin tabbata? Ta yi shiru. Duka jimlolin biyu ba su da amfani, ɗaya tana firgitarwa ɗaya kuma bashi ce da za a zo karɓa. Idan kin sayi kayan aikin da zai kai ki wata uku, za ki iya cewa "wannan farashin zai tsaya har ƙarshen wata uku" don kin san kina iya riƙewa. Idan ba ki da tabbas, alkawarin da yake hannunki shi ne "duk lokacin da za a sake wani canji za mu sanar da ku sati biyu kafin nan". Wannan kam ba ruwansa da kasuwa, ke ce mai cika shi.

Kuma saboda haka ne nake ganin gara a yi lissafi sosai a yi ƙari sau ɗaya da a riƙa ɗigo shi. Ita da farko 1,100 ta so ta sa saboda kunya, amma a 1,100 ribarta 200 ce, ba ta koma inda take ba, bayan wata biyu dole ta sake rubuta wani saƙon. Ƙari biyu a jere ya fi ƙari ɗaya mai girmansu tayar da hankali, don na biyun yana gaya wa mutum cewa na uku yana hanya. Lissafin ma shi ya cire mata tsoro: jaka hamsin a ribar 100 tana ba ta 5,000 a sati, a sabon farashi da ribar 300 kuwa jaka 17 kawai sun wuce hakan. Da ta ga ko mutum goma sun tafi tana gaba da inda take yanzu, sai hannunta ya daina rawa. Ina ganin rabin saƙonnin firgici da muke gani daga nan suke fitowa, mai rubutun bai yi lissafi ba, bai san ko zai tsira ba, sai fargabarsa ta zubo a cikin rubutun.

Wasu za su ce me ya kawo sanarwa ma, ka canza farashi kawai, wanda ya zo ya gani. Ga mai sayar wa masu wucewa da ba ya da lambar kowa, to, rubuta sabon farashi a inda ido zai gani kafin a miƙa hannu ya isa. Amma duk inda akwai mai dawowa duk sati ko duk wata, wanda ya riga ya sa ki cikin kasafinsa, barinsa ya ji a lokacin biya cin amana ne ƙarami, ka sa mutum a tsaka mai wuya, kayansa suna hannunki an riga an wanke, ba shi da damar cewa a'a. Tsawon sanarwar kuma ya bi yadda ake biya, mai biya duk sati a ba shi akalla sati biyu, mai biya duk wata a ba shi wata cikakke, yadda zai ga zagaye ɗaya a tsohon farashi bayan ya ji labari. Abin da aka riga aka biya ko aka yi ciniki ya faɗa kuwa ba a taɓa shi, ko da asara za a ci a kansa.

Yadda aka tura ma yana magana. Kar a jefa shi cikin guruf inda mutum ɗaya mai zafin rai zai fara sauran su bi, kar kuma a sa shi a sitatus kawai inda zai ɓace bayan awa 24 rabi ba su gani ba, daga baya a ce ai mun sanar. A tura wa kowa shi kaɗai, a rubuce, ba muryar minti huɗu ba, don lamba da rana abu ne da mutum zai so ya koma ya duba. Manyan kwastomomi biyar ko shida da suke riƙe da sana'ar a kira su tukuna sannan rubutun ya biyo. Kuma a tura da rana lokacin da kike kusa da waya za ki iya amsawa, ba sha ɗayan dare ba a kashe data a kwanta.

Kafin ta tura na sa ta yi wani ɗan gwaji, ta ba yarinyar da take taya ta aiki ta karanta sau ɗaya ta karɓe wayar, sannan ta tambaye ta: nawa ya koma, daga yaushe, kayan da suke hannunmu fa? Ta amsa duka ukun ba gargada. Da saƙon farko ne, daga yaushe kaɗai za ta iya amsawa. Bayan an tura ma amsoshin da suke dawowa su ne suke nuna ko rubutun ya yi aiki. Idan kika ga "to nawa ne yanzu?" lambar ce ta ɓuya. Idan kika ga "lafiya dai? me ya faru?" kin firgita su. Idan kika ga "ba a ragi?" daga mutane da yawa, ban haƙurin ya yi yawa har sun ɗauka tayi kike jira. Amsar da ake nema ita ce "to, na gani", ko ma "gaskiya ya yi min yawa", don wannan ta biyun ma amsa ce ta wanda ya fahimci abin da aka gaya masa ya yanke shawararsa da idonsa a buɗe.

Ta samu irin wannan ta biyun daga wata baiwar Allah da ta daɗe tana ba ta aiki, ta rubuto da ɗan zafi cewa kowa sai ƙari yake kamar kuɗi a ƙasa ake tsinta. Ƙanwata ta so ta sake zubo dogon bayani da rantsuwa, na ce a'a, matar nan ba ƙaryata ki ta yi ba, nauyi ne ya yi mata yawa. Sai ta rubuta mata: "Na fahimta Hajiya, na san ba daɗi. Babbar jaka dai 1,200 ce daga ranar 1, amma akwai ƙarama ta kaya sha biyar a 900 idan za ta fi miki sauƙi. Duk wadda kika zaɓa ina nan." Ba ta rage mata a ɓoye ba, don ragin ɓoye ga wanda ya fi ɗaga murya zalunci ne ga waɗanda suka karɓa da haƙuri, kuma irin wannan maganar ba ta ɓoyuwa, kwastomomi suna haɗuwa. Matar ba ta amsa ba a ranar. Bayan kwana biyu ta turo cewa a zo a karɓi kaya, a kawo ƙaramar jakar.